Inda Muryar Tafinta Ta Maƙale

A gidanmu kowa da abin da Allah ya hore masa. Ni aka ba ni faɗa, Yaya aka ba shi baki. Tun muna yara, in baƙo ya sauka a layinmu da wani yare, kafin ya gama kwance kayansa Yaya ya riga ya san yadda ake cewa ruwa da sannu a bakinsa. Mahaifiyarmu takan ce wannan yaron ko akuya ta yi kuka sai ya gaya maka abin da take nufi. Don haka ba wanda ya yi mamaki da ya ƙare a babban asibiti yana aikin tafinta, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa sai Tafinta. Ni kaɗai na rage ina ce masa Yaya.

Wurin aikinsa wata kujera ce mara jingina, tsakanin teburin likita da gadon da ake duba marasa lafiya. A kanta ya tsufa. Mutane na zuwa daga nesa, wasu da Faransanci, wasu da Larabci, wasu da yaren da ko likitan bai taɓa jin sunansa ba, duk ta bakin Yaya maganarsu ke bi. Abin da ya fi alfahari da shi kuwa ba yawan harsunan ba ne, iya tacewa ne. Tsohuwa za ta fara labarin ciwonta tun daga shekarar da ƙishirwa ta kama ta a hanyar gona, ta bi ta kan surukarta da maganin da ta sha bai yi ba, Yaya yana gyaɗa kai har ta dire. Sai ya juya ya ce wa likita, "Ciki ne, kuma ya fi tashi in ta ci abinci." Likita ma in ya zubo bayaninsa mai tsawo, Yaya zai juya ya ce, "Iya, ki sha wannan safe da yamma, ki rage gishiri." Yakan ce tafinta rariya ne, abin da zai amfani mutum shi kaɗai yake bari ya wuce.

Da ya yi ritaya sai rariyar ta huje. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana rage maganar wasu ya samu sarari ya zuba tasa. Kullum da hantsi yana kan bencin mai shayi a bakin titi, shi da tsofaffin abokan aikinsa, yana ba da labarin da kowa ya haddace. Babban abokin faɗansa a wurin Direba ne, wanda ya tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya ta asibitin har idonsa ya fara gazawa. Ba su taɓa rabuwa ba tare da ɗaya ya ce ba zai ƙara zama da ɗayan ba, kuma ba su taɓa fashin zama ba.

Sai ciwon ya zo, shanyewar ɓarin jiki, wata safiya yana ɗaura agogo. A lokacin matarsa ta daɗe da rasuwa, ni ma mijina ya rasu, sai na tattaro nawa ya nawa na dawo gidan. Ƙafa ta dawo da taimakon sanda, hannu ya dawo rabi da rabi. Baki ne ya ƙi. Leɓensa na dama ya ɗan saki, kalma takan tsaya masa a maƙoshi sai ya turo ta da ƙarfi, wasu haruffan kuma suna fitowa a jiƙe. Ana gane shi sarai, amma sai mutum ya yi haƙuri, kuma Yaya yana ganin haƙurin a fuskar mai sauraro. Wannan ya fi ciwon ci masa rai. Ya daina zuwa benci. In baƙo ya shigo gaishe shi sai ya ɗora hanki a baki kamar mai tari, ya amsa da kai.

'Yarsa ita ce ta yi jinyarsa, don aikinta ke nan. Ma'aikaciyar jinya ce a asibitin da ya bari, duk unguwa Nas ake ce mata, har uban ma. A jinyar tasa ne ta ga yadda mata ke karya bayansu wajen ɗaga mara lafiya a gida don ba wanda ya nuna musu dabara. Sai ta fara ɗaukar gajerun bidiyo da wayarta tana ɗorawa a tasharta ta intanet, da Hausa: yadda ake juya majinyaci, yadda ake ba shi ruwa kada ya sarƙe, yadda ake kare shi daga gyambon kwanciya. Ni ce majinyaciyar a yawancinsu. An juya ni hagu an juya ni dama har duniya ta san zanen gadona, ban ga ko sisi ba sai sannu.

Bidiyon juya majinyacin ne ya fi tafiya. Mutane suka yi ta kallo suna turawa juna, har wasu suka fara rubutu a ƙarƙashinsa da Faransanci. Wata rana Nas ta kawo wa ubanta wayar ta ce, "Baba, me waɗannan suke cewa?"

Ya sa tabarau ya karanta a hankali. "Suna ganin hannunki, amma ba sa jin bakinki."

"To ai ga mai bakin a gida," in ji ta. Ta yi masa bayani cewa a manhajar da take ɗora bidiyon akwai wurin da ake ƙara wa bidiyo take, wato sunan da ke bayyana tare da shi, da wani harshe, kuma tasharta ta samu damar ɗora murya ta biyu a kan bidiyon da ya riga ya fita. Hoton na nan yadda yake, mai jin Hausa ya ji ta, mai jin Faransanci ya ji shi. "Kai za ka fassara, kai za ka karanta."

Ya taɓa leɓensa. "Da wannan bakin?"

"Da shi. Ai ba waƙa za ka yi ba."

Ban taɓa ganin magani ya yi aiki irin na maganar nan ba. Mutumin da sai na yi da gaske yake canza riga, washegari ya nemi a goge masa ta fita. Ya kakkaɓe tsohon ƙamusunsa, ya zauna a tebur da biro a hannun da ba ya riƙo sosai. Fassarar da ya yi kuwa, ni ba na jin Faransanci, amma na ga tsawonta. Inda Nas ta ce "ki lanƙwasa masa gwiwa", Yaya ya cika layi uku. Na ce, "Yaya, wannan huɗuba ce ko fassara?" Ya ce in bar abin da ban sani ba, harshen nan yana da ladabinsa, ba a shiga masa da ƙafar hagu.

A ɗakinsa aka ɗauki muryar, da rana bayan yaran maƙwabta sun tafi makaranta. Aka kashe fanka, aka rataya barguna a taga saboda ƙarar babura, aka ɗora wayar a kan tulin matasai daidai bakinsa. Gumi na zuba, yana karantawa, in kalma ta tsaya ya koma farkon jimla. Ni aikina riƙe kofin ruwa da korar kaji daga bakin ƙofa. Ranar da ya kai ƙarshe ya jingina da bango yana haki, yana murmushi da rabin bakin da ke motsi. Nas ta ce, "An gama, Baba, saura in ɗora."

Da ya tsaya nan da an zauna lafiya. Amma Yaya Yaya ne. Bayan kwana biyu ya ɗauki sandarsa ya ce in raka shi benci, karon farko tun da ya kwanta. Aka tashi ana murna, mai shayi ya haɗa masa ya ce kyauta ne. Bai ko kurɓa ba ya sanar da su cewa ya koma aiki, yanzu a intanet yake tafinta, muryarsa tana kan bidiyon Nas, ana jin sa har ƙasashen da bai taɓa takawa ba.

Direba ya zaro wayarsa. "To mu ji, kada a ce an ce."

Ya lalubo bidiyon da taimakon mai shayi, ya ƙure ƙara. Take ya fito da Hausa yadda yake tun farko. Murya ta fito, ta Nas. Aka ce a ɗan jira, wataƙila yana tsakiya. Aka jira, aka ga an juya ni hagu, an juya ni dama, an sa mini matashi tsakanin gwiwoyi, har bidiyon ya ƙare. Wani ya gwada a tasa wayar, duk ɗaya.

"Tafinta," in ji Direba, "ko dai kai ne ke fassara numfashin ƙanwarka? Don shi kaɗai na ji bayan muryar Nas."

Aka yi dariya, irin wadda suka saba yi wa juna shekara da shekaru. Ba mugunta a ciki, na sani. Amma Yaya ya buɗe baki zai rama kamar da, kalmar ta tsaya, leɓen ya yi rawa, yawu ya ɗan zubo. Dariyar ta mutu nan take, kuma mutuwar tata ta fi ta ciwo. Kowa ya sami abin kallo a cikin kofinsa. Ni kaina na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, balle shi. Ya ciro hankinsa, ya miƙe, muka kamo hanya, shayin yana nan bai taɓa ba.

Da Nas ta dawo aiki na tare ta da maganar a gabansa. Ta ce, "Yana hanya, Baba. Abin yakan ɗauki lokaci kafin ya bayyana." Ta faɗa tana kwance igiyar takalminta, ba ta ɗago ba. Aka kwana biyu, ya sake duba wayarsa, na sake tambaya, ta sake cewa yana hanya. Daga nan Yaya bai ƙara tambaya ba, ni ma ya hana ni. Ya mayar da ƙamus kan kabad. Gaisuwarta ma da kai ya koma amsawa. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji masu magana, kuma ni na san fuskar nan tun kafin ta yi gemu.

Wata safiya bayan ta fita ya ce in ɗauko mayafina. Muka je rumfar mai gyaran waya da ke kusa da tashar mota, wani mutum mai furfura a gemu wanda ba ya ɗago kai daga abin da yake kwancewa sai ya gama. Yaya ya tura ni gaba in yi bayani, shi ya tsaya a baya yana kallon cajojin da aka rataye.

Mai gyaran ya karɓi wayar ya ce, "Take daban, murya daban, bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Shi taken da aka fassara ba kowa yake nuna wa ba. Yana bin harshen da aka saita manhajar mutum a kai. Wayar Baba a Turanci take, ba a kuma yi wa bidiyon take da Turanci ba, don haka na asali zai gani." Ya shiga saiti ya mayar da harshen Faransanci, ya sake buɗe bidiyon, ya miƙo. "Wannan ne?"

Yaya ya matso da tabarau. Ga taken nan da Faransanci, kalma bayan kalma yadda ya rubuta da hannunsa. Na ga fuskarsa ta buɗe. Ya danna, muryar Nas ta fito.

"Saura murya," in ji mai gyaran. Ya nuna mana wata 'yar alama a saman bidiyon, mai kama da ƙaramar taya mai haƙora. "In bidiyo yana da murya fiye da ɗaya, a nan ake samun wurin zaɓa. Ko ba ta fito da kanta ba, mutum zai iya canzawa." Ya danna, ya karanta abin da ke ciki. Akwai wurin ingancin hoto, akwai na saurin tafiya, babu na murya. Ya ce wataƙila manhajar ce ta tsufa, ya sabunta ta. Babu. Ya gwada a wayarsa, ya gwada a kwamfutar da ke gefensa. Babu.

"Yaushe aka ce an ɗora?"

Na ce an fi mako biyu.

Ya girgiza kai. "Jira ba ya kai haka. Ko dai an ɗora an bar ta a ajiye ba a danna wallafawa ba, ko ba ta shiga ba tun farko. Daga waje ba a ganewa. Mai tashar kaɗai ke iya gani daga cikin nata shafin."

Muka kamo hanyar gida ni da Yaya har muka zo kwanar layinmu. Ya tsaya ya dogara sandarsa, ya ce, a hankali, yana turo kowace kalma, "Rubutuna ta saka. Bakina ne ta ji kunyarsa." Ya gyara riƙon sandar. "Ba laifinta ba ne. Ni ma da na ji shi a wayar, ban so shi ba. Wasa ta yi da ni don in ci abinci, irin yadda ake yi wa yara."

Na ce ba haka ba ne, amma ban faɗa da ƙarfi ba, don ni ma zuciyata ta fara raya mini hakan.

Ni dai ba a san ni da barin kaza cikin gashinta ba. Nas na shigowa da yamma na bi ta ɗaki na tura ƙofa. Na ce, "Ke, ubanki ya san muryarsa ba ta kan bidiyon nan. Mun je an duba mana. In kunyarsa kike ji ki faɗa mini yanzu, in san irin 'yar da muka raina."

Ta zauna a bakin gado da kayan aiki a jikinta. "Kunyarsa, Gwaggo? Ni da na wanke shi da hannuna?"

"To ina muryar?"

Ta buɗe kwamfutarta ta nuna mini shafin da mai tasha kaɗai ke gani. Ga layin Faransanci. A gefen take an nuna an wallafa. A gefen murya wurin fayau yake. Ta ce tun ranar farko ta gwada, abin ya ƙi karɓa. "Sharaɗinsa shi ne murya ta yi kusan daidai da tsawon bidiyon, don a kan hoto ɗaya za su hau. Bidiyon bai wuce minti shida ba. Karatun Baba ya kusa goma."

"Sai ki datse."

"Na datse shirun da ke tsakani, bai isa ba. Na ƙara masa sauri, sai ya koma kamar ana shaƙe shi, ba a gane ko kalma ɗaya. Kuma ko da ya shiga a haka, zai zama ina ɗaga ƙafa yana maganar kafaɗa, wata ta je ta karya mijinta."

"To ki ja bidiyon ya yi tsawo."

"Wanda ya riga ya fita ba a ƙara masa, sai dai a rage. In na sake ɗora sabo, duk waɗanda suka roƙa suna ƙarƙashin tsohon, shi ne ake ta turawa." Ta rufe fuska da tafukanta. "Gwaggo, ta yaya zan kalli Baba in ce masa maganarsa ta yi nawa? Mutumin da a da likitoci ke ce wa ya rage gudun magana? Kullum sai in ce gobe zan samo dabara. Da kuka dawo daga benci na so in faɗa, na ga idonsa, sai ƙarya ta riga ni fita."

Na buɗe baki zan zazzage mata, sai na ji ƙwanƙwasar sanda a bakin ƙofa. Gidanmu ba shi da sirri, bangon ɗakin ko tari ba ya tarewa. Yaya ya turo ƙofar ya tsaya. Nas ta zame daga gado ta durƙusa, kanta a ƙasa.

Ya daɗe yana kallonta. Ni na zaci sauƙi zan gani a fuskarsa, tunda ga shi ba gudunsa ta yi ba. Abin da na gani wata kunyar ce sabuwa a kan tsohuwa. Ya zargi 'yarsa a ransa har ya furta a titi, kuma ga dalilin gaskiya ya fito, shi ma ba mai daɗi ba.

"Wato na yi tsawo," ya ce.

"Ka yafe ni, Baba."

"Shekara nawa ina gaya wa mutane abin da likita ke tsoron faɗa musu." Ya share leɓensa. "Ba wanda ya mutu don ya ji. Da kin gaya mini."

Ya juya kamar zai fita, sai ya tsaya. "Kawo takardun. Da jan biro."

Abin da ya biyo baya na fi son tunawa da shi, ko da yake ba a yi shi cikin raha ba. Ya sa ta kunna bidiyon ba murya, yana kallon hannuwanta, yana soke layi. Duk ladabin harshen da ya hana ni taɓawa, shi ya fara bi ta kansa. Layi ukun gwiwa suka koma kalma uku. Inda hoto ya riga ya nuna abu, ya ce ba sai an faɗa ba, mai kallo ba makaho ba ne. Kalmar da ta cika tsaya masa a maƙoshi ya nemo 'yar'uwarta mai sauƙi. Na ce, "Yaya, rariya ta dawo ke nan." Bai yi dariya ba, amma bai kore ni ba.

Aka sake rataya barguna. Wannan karon gaɓa gaɓa aka ɗauka, kowace jimla a daidai inda hannun Nas yake. Da ta haɗa, tsawon ya zo daidai. A gabansa ta ɗora, a gabansa abin ya karɓa, ta kama yatsansa ta ce shi zai danna wallafawa. Ta gaya masa gaskiya cewa ba nan take zai bayyana ba, kuma ko ya bayyana, wayarsa za ta iya fara masa da Hausa tunda ita ya saba kallo da ita, sai ya shiga 'yar tayar nan ya zaɓa. Haka kuwa aka yi. Washegari wurin zaɓen murya ya fito, Hausa a sama, Faransanci a ƙasa.

Na ce, "To tashi mu je benci, in ga idon Direba."

Ya ƙi. Ya saurari kansa sau ɗaya, shi kaɗai a ɗaki, bai kai ƙarshe ba ya kashe. Da na matsa masa sai ya ce, "Da ba ta fito ba, ƙarya suka ɗauka na yi. Yanzu in na kai musu, bakin za su ji." Direba ya zo har gida ba sau ɗaya ba, ya zauna a tsakar gida yana ba ni labarin tayoyi, Yaya yana ciki wai barci yake.

Ranar da za a duba shi a asibiti, mu uku muka je. Ɗakin jiran masu gashin ƙashi dogo ne, benci biyu suna fuskantar juna, da warin man zafi. Nas ta shiga ciki karɓo katinsa. A gabanmu wata mata ce, ba ta kai ni shekaru ba, da mijinta a keken guragu, kansa ya karkata gefe, tawul a wuyansa. Daga ganin jakunkunansu daga nesa suka zo. Ta gyara masa ƙafa, ta ciro waya, ta danna wani abu ba tare da ta shiga ko'ina ba.

Muryar Yaya ta cika ɗakin.

A hankali take fita, da nauyinta, da haruffan nan masu jiƙewa. Na ji jikinsa ya sandare a gefena. Hannunsa ya tafi aljihu, hanki ya hau baki, kansa ya yi ƙasa har tabarau ya zamo. Matar ba ta san ana yi ba. Ta jingina wayar a cinyar mijin, tana kallo tana gwada kama kafaɗarsa, muryar ta faɗi kalma uku ta yi shiru, ta gyara hannu, muryar ta sake faɗin wasu.

Ta lura ina kallonta, sai ta yi murmushi ta ce wani abu da Faransanci tana nuna wayar. Na yi mata alamar ban ji ba. Ta sake faɗa, ta ƙara da wani abu mai tsawo, ta nuna bakin mijinta. Na zunguri Yaya. "Me take cewa?"

Bai ɗago ba. Na sake zungurinsa. Can daga bayan hankin, ƙasa ƙasa, ya ce, "Ta ce da wannan take juya shi kullum. Sauran suna sauri, kafin ta sa hannu sun wuce." Ta faɗi magana mai yawa, na kuma san ya tace. "Ta ce mai maganar irin ciwon mijinta gare shi, tana ji a bakinsa. In ta kunna, mijin yakan yi ƙoƙarin maimaitawa."

Abin da ya fi tsoro ke nan, a ji a bakinsa, kuma ga shi an ji. Matar tana ta kallonmu tana jiran amsa. Mijin ya motsa leɓe, wani sauti ya fito wanda ba kalma ba ne tukuna, ta sunkuya ta share masa da tawul.

Nas ta fito da kati a hannu, ta ji muryar, ta tsaya cak a bakin ƙofa.

Yaya ya sauke hankin, ya ninke shi da hannu ɗaya a kan gwiwa, ya mayar aljihu. Ya jawo sandarsa ya matsa ƙarshen benci, kusa da keken. Ba matar ya kalla ba, mijin ya kalla. Ya gaishe shi da Faransanci, kalmar ta tsaya a hanya yadda ta saba, ya jira ta, ya turo ta. Matar ta dubi wayar, ta dubi bakinsa, ta ɗora hannu a ƙirji.

Aka kira sunansa daga ciki. Nas ta ce, "Baba, layinka ne."

"A ba na bayana," ya ce. "Ina aiki."